Harshen Ofis da Harshen Fada: Sharhi a Kan Fassarar Takardar Gwamnati a Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Takardar umurni ta gwamnati, wadda ma'aikata suka fi sani da sakula, ba ta cikin rubuce-rubucen da manazarta adabi suka saba waiwaya. Ba ta da jigo mai sarƙaƙiya, ba ta da adon harshe, kuma galibi ba ta wuce shafi guda. Amma duk wanda ya taɓa zama ya juya irinta daga Ingilishi zuwa Hausa ya san cewa wahalarta ba a kalmomin fannu take ba. Tana cikin wata tambaya ce da Ingilishin ofis ba ya tilasta wa marubuci ya amsa, Hausa kuwa ba ta barin sa ya wuce sai ya amsa ta: wa ke magana, da wa yake magana, kuma wane ne babba a tsakaninsu?

A wannan takarda za a dubi yadda mai fassara ke zaɓen laƙabi da wakilin suna da kalmar umurni idan takardar da ke gabansa ta fito daga Bauchi za ta Azare. Ra'ayin da za a kare shi ne, ladabi da ƙarfin umurni abubuwa biyu ne daban, kuma mafi yawan fassarorin da suka lalace sun lalace ne saboda an sayar da ɗaya don a sayi ɗaya.

2.0 Hanyar da Takarda ke Bi

Kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, mulkin ƙasa yana hannun En'e, kuma tun zamanin Turawa umurni kan isa ga talakawa ne da sunan Sarki. Razdan ko Di'o ya kawo abin da ake kira shawara, Sarki ya mai da ita umurni, hakimai su ɗauka. Bayan 1976 ikon zartarwa ya koma ga ƙananan hukumomi da ma'aikatun jiha, amma hanyar isar da saƙo ga jama'a ba ta sake ba: daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Wannan ya haifar da wani yanayi da mai fassara ya kamata ya riƙe a zuciya. A tsarin mulki, ma'aikata ce ke da ikon ba da umurni. A tsarin girma kuwa, jami'in da ya sa hannu a takardar ɗa ne ko jika a gaban Sarki, ƙila ma talakansa ne na haihuwa.

Saboda haka takarda ɗaya tana da masu karɓa iri uku. Akwai na sama, wato Sarki da majalisarsa. Akwai abokan aiki, wato shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorinsu. Akwai kuma jama'ar da za a karanta wa ita a ƙofar hakimi ko a yi musu shela a kasuwa. Ingilishi yakan haɗa su duka da harshe guda. A Hausa kuwa abin da ya yi daidai a teburin sakatare yana iya zama rashin kunya a zauren fada.

Sunan wurin ma yana bukatar lura. Katagum suna ne na abubuwa uku: masarauta wadda fadarta ke Azare, da ƙaramar hukuma wadda ita ma hedkwatarta ke Azare, da kuma tsohon garin Katagum wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Zaki. Idan mai fassara ya rubuta "a Katagum" kurum, bai gaya wa kowa iyakar inda dokar ta tsaya ba. Dole ya ce "ƙasar Katagum", ko "ƙaramar hukumar Katagum", ko "garin Katagum".

3.0 Laƙabi

Hausar hukuma ta riga ta raba laƙabai, kuma masu sauraro sun san rabon. "Mai Alfarma" na Sarkin Musulmi ne. "Mai Martaba" na sarakuna ne irin Sarkin Katagum. "Mai Girma" na gwamna ne da minista da kwamishina, ana kuma yi wa hakimai shi. "Mai Shari'a" na manyan alƙalai ne. Wannan rabo bai zo daidai da na Ingilishi ɗaya bayan ɗaya ba. Ingilishi na da laƙabi daban ga gwamna, da wani daban ga kwamishina da ɗan majalisa, waɗanda bakin jama'a ya ara ya mai da su "Ekselansi" da "Onarabul". Waɗannan na dandalin siyasa ne, kuma ba su da wuri a rubutacciyar takardar hukuma tun da Hausa na da nata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka laƙabai duk ɗaya ne, a riƙa musanya su don gudun maimaici, kamar yadda ake koya wa ɗalibi a darasin insha'i. Wanda ya kira Sarkin Katagum "Mai Girma" ya sauko da shi zuwa sahun hakimansa. Wanda kuma ya kira hakimi "Mai Martaba" a takardar da za a karanta a fada ya ɗora masa rawanin da ba nasa ba, ya kuma jawo masa tambaya. A nan maimaici ba aibi ba ne, shi ne daidai.

Abu na biyu shi ne kalmar "Sarki" ita kanta. A ƙasar Hausa ba kowane mai wannan suna ne sarkin yanka ba. Tun ƙarni na 19 akwai sarautun Sarkin Shira da Sarkin Azare a ƙarƙashin Sarkin Katagum, ga kuma Sarkin Fawa da Sarkin Kasuwa da Sarkin Fulani. Shi kansa Malam Zaki da magadansa an san su da laƙabin Sarkin Borno, saboda yaƙin da ya kai Gazargamu. Wannan na nuna cewa sarauta tarihi ce, ƙamus ba ya ba da ita. Ingilishi kan ce shugaban gunduma da shugaban ƙauye, amma Hausa "hakimi" da "dagaci" ta sani. Idan kuwa takarda ga hakimi guda za ta, to da sarautarsa ake kiran sa, ko Galadima ne ko Ciroma ko wani, sannan a biyo da sunan ƙasar da yake riƙe. Mai fassarar da bai tabbata ba, abin da ya kamace shi shi ne ya tambayi ofishin sakataren masarauta kafin ya buga, domin sarautu kan sauya hannu, iyakokin ƙasashe ma haka.

4.0 Wakilin Suna

Ingilishi na da kalma ɗaya tak ta wanda ake magana da shi, ko namiji ne ko mace, ko ɗaya ko dubu. Hausa na da "ka" da "ki" da "ku", ga kuma "a" da "an" waɗanda ba su ambaci kowa ba. Zaɓe a tsakaninsu shi ne rabin aikin.

Wasu masu fassara kan ɗauka cewa "ku" ita ce kalmar girmamawa a ko'ina, sai su rubuta wa Sarki "muna sanar da ku". Gaskiya ne ana yi wa iyaye da surukai jam'i don kunya, amma harshen fada bai ginu a kan haka ba. Bafade "ranka ya daɗe" yake cewa, da "Allah ya ba ka nasara", duka da tilo. Sai dai a lura da inda tilon ke zuwa: cikin addu'a da gaisuwa. Da zarar an zo ga abin da ake so Sarki ya aikata, sai a kauce wa fuskantarsa, a ce "Sarki ya ji", "in Sarki ya yarda". Wato a yi magana a kansa alhali yana zaune. Wannan ita ce dabarar da rubutu ya kamata ya ara: "ana neman Mai Martaba ya umurci hakimansa", maimakon "ka umurci" ko "ku umurci".

Ita kuwa "ku" a bar ta ga jam'i na gaskiya, kamar takardar da za ta ga shugabannin ƙananan hukumomi gaba ɗaya, inda kuma take raba mai fassara da matsalar "ka" da "ki" idan akwai mace a cikinsu. "A" da "an" suna da daɗin ji, suna da ladabi, amma suna da haɗari. Jimla irin "a tabbata an sanar da jama'a" ba ta ɗora aikin a kan kowa ba, kuma Hausawa sun ce ba a taru an zama ɗaya ba. Dagaci zai jira hakimi, hakimi ya jira ƙaramar hukuma. Duk inda asalin takarda ya ambaci mai aiki, fassara ma ta ambace shi.

5.0 Misali

Misalin da ke tafe ba kwafin wata takarda ba ne. An tsara shi ne bisa ƙirar irin waɗanda ake fitarwa da kaka, lokacin da amfani ke gona, dabbobi kuma suka fara gangarowa fadamun kogin Jama'are. A ce ma'aikatar da ke kula da ƙananan hukumomi da masarautu ta rubuto da Ingilishi, kuma abin da ta ƙunsa huɗu ne: Gwamna ya amince da doka, dokar ta hana kowa shigar da dabbobi gonaki har 31 ga Janairu, ana so hakimai da dagatai su tabbatar an bi, wanda ya karya za a hukunta shi. Ga yadda mai bin kalma da kalma zai kawo ta:

"Ya Maigida, an umurce ni in koma ga batun da ke sama, kuma in sanar da kai cewa Gwamna ya yarda da hana shigar da dabbobi gonaki har 31 ga Janairu. Saboda haka ana roƙon ka ka umurci shugabannin gundumomi da shugabannin ƙauyuka su tabbatar da bin wannan. Duk wanda ya kasa za a yi maganinsa. Naka mai aminci."

Babu kalmar da ba Hausa ba a nan, amma babu jimlar da Bahaushe zai faɗa a gaban Sarki. "Ya Maigida" kiran mata ne ga miji ko yaro ga ubangidansa. "In koma ga batun da ke sama" ba ta da ma'ana ga wanda ake karanta wa, domin shi bai ga sama ko ƙasan takarda ba. "In sanar da kai" ta sa jami'i da Sarki kafaɗa da kafaɗa. "Ana roƙon ka" ta yi laushi fiye da kima, domin kalmar Ingilishin da ta fassara, ko da yake siffar roƙo gare ta, a al'adar ofis umurni ce da aka sa wa riga. Mafi muni ita ce jimlar hukunci. "Za a yi maganinsa" barazanar bakin tasha ce. Kuma tun da mutanen da aka ambata kafin ta su ne Sarki da hakimai da dagatai, "duk wanda ya kasa" a kansu ta faɗa, alhali mai karya doka ake nufi. Takardar da aka aiko neman taimakon fada ta koma gargaɗi ga fada.

Wani mai fassarar, don gudun wannan, sai ya faɗa ɗaya ramin:

"Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Muna roƙon arziki, in Sarki ya ga dama, a ɗan ja kunnen makiyaya su dakata da dabbobinsu har manoma su kau da amfani."

Wannan ta fi daɗin ji, kuma saboda haka ta fi haɗari, domin ba wanda zai tsaya ya tuhume ta. A auna ta da abubuwa huɗun nan. Gwamna ya ɓace, don haka ba a san daga inda dokar ta fito ba. Ranar 31 ga Janairu ta ɓace, an maye gurbinta da "har manoma su kau da amfani", abin da kowa zai fassara yadda ya so: mai gero ya gama tuni, mai wake da mai dawa ba su gama ba. Hukunci ya ɓace. "In Sarki ya ga dama" ta mai da doka zaɓi. Daɗin daɗawa, asali ya ce kowa, wanda ya haɗa da manomin da ke da shanun huɗa da matar da ke kiwon awaki a gari, fassara kuwa ta ce makiyaya. Mai fassara ya ɗauki ɓangare a rigimar da aka rubuta takardar don a kashe ta. Ranar da aka kama shanu a gona aka zo gaban hakimi, Ardo na da hujjar cewa an ware mutanensa, mai gona kuma ba shi da ranar da zai kafa hujja da ita.

Ga wata hanya ta uku:

"Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katagum, ta hannun Sakataren Masarauta. Bayan gaisuwa da fatan alheri, an umurce ni in gabatar wa Mai Martaba cewa Mai Girma Gwamna ya amince da dokar hana shigar da dabbobi gonaki, daga yau har zuwa ranar 31 ga Janairu. Dokar ta hau kan kowa da kowa. Gwamnati na neman Mai Martaba ya umurci hakimai da dagatai su sanar da jama'arsu, su kuma tsaya a kan ganin an bi ta. Duk wanda ya shigar da dabba gona kafin wannan rana za a hukunta shi kamar yadda doka ta tanada. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya."

Abin lura shi ne inda aka ajiye ladabi da inda aka ajiye ƙarfi. Ladabi na cikin laƙabi, da "gabatar wa" a madadin "sanar da", da "na neman" a madadin "ta umurci" ko "tana roƙo", da kuma kauce wa "ka". Duk waɗannan sun shafi Sarki. Ƙarfi kuwa na cikin "hana", da rana, da "kowa da kowa", da "za a hukunta". Waɗannan sun shafi dokar, kuma ba a rage musu ko ƙwayar zarra ba. An kuma fayyace wanda hukunci zai hau, wato mai shigar da dabba. An bar "an umurce ni" domin aiki take yi: tana nuna cewa mai sa hannu manzo ne, kuma wannan matsayi ne da fada ta sani tun zamanin jakadu.

6.0 Iyakar Ƙari

Za a iya cewa fassara ta uku ta ƙara abin da babu a asali, tun da Ingilishin bai yi gaisuwa ba, bai kuma rufe da addu'a ba. Amsa ita ce, mabuɗi da marufin wasiƙar Ingilishi ba ma'anar kalmominsu ake nufi ba, al'ada ce ta nuna girmamawa, don haka da al'ada ake fassara su. Wasiƙun sarakunanmu na da nasu tsari tun kafin boko: daga wane zuwa wane, gaisuwa, bayan haka, sannan a rufe da "haza wassalam". Wanda ya juya tsohon marufin nan na ma'aikatan Turawa ya rubuta "bawanka mai biyayya" ya manta cewa "bawan Sarki" matsayi ne sananne a fada, ba na jami'in gwamnati ba.

Amma ƙarin na da iyaka. Gaisuwa ɗaya a farko da addu'a ɗaya a ƙarshe sun isa. Kirari da take da jero sunayen kakanni aikin maroƙa ne da 'yan siyasa. Takardar da aka cika da su takan sa mai sauraro ya ɗauka neman alfarma aka zo yi. Haka kuma kwafin da za a manna a sakatariya ko asibiti don kowa ya karanta, gara a taƙaita shi ga "bayan gaisuwa", domin gwamnati ta kowa ce, Azare kuma gari ne na kasuwa da ma'aikata daga sassa daban-daban.

Daga nan ne ake gane cewa sau da yawa fassara ɗaya ba ta isa. Kwafin shugabannin ƙananan hukumomi zai ɗauki "ana umurtar ku" kai tsaye, ba tare da wani ya ji ciwo ba, domin ma'aikata na da wannan iko a kansu. Kwafin jama'a kuwa zai fito da gajerun jimloli, a ce "Gwamnati ta hana", ko "Sarki ya ce a gaya muku" idan daga fada shelar ta fito. A rubuce Daidaitacciyar Hausa za a bi. Mai shela shi zai juya ta zuwa Guddirancin da mutanensa ke ji. Abin da ba ya sauyawa a kwafi ukun shi ne abubuwa huɗun nan na asali.

7.0 Kammalawa

Ana iya gwada fassara ta hanya biyu kafin ta bar ofis. Ta farko, a ba wanda bai ga Ingilishin ba ya karanta, a tambaye shi wa ya ba da umurni, wa zai aikata, me zai aikata, zuwa yaushe, kuma me zai sami wanda ya ƙi. In ya kasa amsa ɗaya, ladabi ya cinye doka. Ta biyu, a karanta ta da ƙarfi a gaban dattijon da ya san zaman fada, a dubi inda ya ɗaure fuska. In ya ɗaure, doka ta take ladabi.

Tun daga Hukumar Fassara ta zamanin Turawa da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, har zuwa aikin ƙirƙirar kalmomin fannu da jami'o'inmu suka yi, an fi mai da hankali ga samo wa Hausa sunayen abubuwa. Wannan ya yi amfani, amma jerin kalmomi ba zai gaya wa ɗalibi lokacin da zai ce "nema" da lokacin da zai ce "umurta" ba. Ya kamata darasin fassara ya riƙa ba ɗalibi takarda ɗaya ya fitar da kwafi uku, na fada da na ofis da na kasuwa, a kuma auna shi da tambayoyi biyar ɗin da aka ambata. Ɗalibin da ya iya wannan, ranar da aka miƙa masa takarda aka ce ana jiran ta a Azare, zai san abin da zai taɓa da abin da zai bari.